Haske Ya Shiga, Saƙo Ya Juyo: Tafiya Cikin Retinar Ido

Tela yana zaune a shagonsa bayan sallar isha'i, ya ɗaga allura wajen ƙwan lantarki, ya lashi bakin zare, ya zura shi cikin kafar a karo na farko. Bai fi daƙiƙa biyu ba. Amma kafin hannunsa ya san inda zai kai zaren, hasken da ya biyo ta kafar allurar ya riga ya yi wata tafiya mai ban mamaki a cikin idonsa: ya ratsa wani tantani har ƙarshensa, can ya rikiɗe ya zama saƙon jijiya, sannan saƙon ya juyo baya ta hanyar da hasken ya shigo, kafin ya sami ƙofar fita zuwa ƙwaƙwalwa.

Wannan tantani shi ne retina. Yana shimfiɗe a bangon ciki na bayan ido, kaurinsa ko'ina bai wuce rabin milimita ba, a wurare da yawa ma kusan kwata ne. Asalinsa ɓangaren ƙwaƙwalwa ne da ya tsiro waje tun jariri yana ciki. Wanda ya gane cewa haske da saƙo suna bin hanya ɗaya amma suna fuskantar juna, ya riƙe mabuɗin fahimtar retina, har da cututtukan da ke kama ta.

Kafin haske ya iso retina sai ya wuce koniya, wato gilashin nan mai ɗan tudu na gaban ido, wanda shi ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske. Daga nan ya shiga ta ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido, ya ratsa lens wanda ke ƙarasa daidaita hoton, ya ƙetare wani ruwa mai kauri kamar farin ƙwai da ya cika cikin ido. Duk tafiyar daga gaba zuwa baya milimita 24 ce ko kusa da haka. Hoton da ya sauka a bangon baya a kife yake, sama ta koma ƙasa, dama ta koma hagu.

A nan abin da mutum zai zata ya saɓa da abin da ke akwai. Hankali zai ba shi cewa ƙwayoyin da ke karɓar haske su ne a sahun gaba, suna fuskantar ƙofa. A idon ɗan Adam, da na duk dabba mai ƙashin baya, su ne a sahun ƙarshe, kuma bakinsu mai kama haske yana kallon bango ne, ya ba wa hasken baya. Duk wayoyin da za su ɗauki saƙonsu suna gabansu, tsakaninsu da hasken.

Littattafan likitanci suna ƙirga hawa goma a retina, ɗalibai kuma suna haddace su kamar karatun allo. Amma goman nan ba su da wuyar riƙewa idan aka san cewa ginin sahu uku ne na ƙwayoyin jijiya. Sahun da ya fi zurfi na masu karɓar haske ne. Na tsakiya na ƙwayoyin da ake kira baifola ne, masu baki biyu, ɗaya yana karɓa daga baya, ɗaya yana miƙawa gaba. Na gaba, wanda ya fi kusa da ruwan cikin ido, na ƙwayoyin gangiliyon ne. Tsakanin sahu da sahu akwai fili inda rassansu ke cuɗanya suna miƙa wa juna saƙo, kamar dandali tsakanin unguwanni, kuma filayen biyu ne. Hawa biyar ke nan. Sauran biyar ɗin su ne: zaren jijiyoyin da suka fito daga gangiliyon suka kwanta a saman retina, dogayen bakunan masu karɓar haske, waɗanda ake ƙirgawa a matsayin hawa na kansu, wasu siraran iyakoki biyu, ɗaya a fuskar ciki ɗaya a can wajen tushen bakunan, sai na ƙarshe, wani baƙin shafe mai ƙwaya ɗaya tak a kauri, wanda ya jingina da bangon ido.

Mutumin da ya fi kowa warware wannan tsari shi ne Santiago Ramón y Cajal na ƙasar Sifen. Ya yi amfani da wani rini na azurfa da Camillo Golgi ya ƙirƙiro, wanda ke baƙanta ƙwaya ɗaya nan ɗaya can ya bar sauran, har a ga siffar kowacce da rassanta. A zanensa na retina ya riƙa sa 'yan kibiyoyi masu nuna inda saƙo ke bi, daga masu karɓar haske zuwa baifola zuwa gangiliyon. Ya gano hanyar ne daga kallon siffa kawai, tun ba a da na'urar da za ta saurari ƙwaya guda. Shi da Golgi suka raba kyautar Nobel a 1906.

To me ya sa masu karɓar haske suka koma ƙurya? Amsar tana wajen baƙin shafen nan da abin da ke bayansa. Ƙwayar da ke kama haske tana cikin mafiya cin iskar oksijin a jiki duka, kuma bakinta yana lalacewa da aiki. A cikin bakin akwai ɗaruruwan fayafayai a jere kamar tarin tsabar kuɗi, kowanne cike da sinadarin kama haske. Kullum ana ƙera sababbi daga tushe, tsofaffi kuma suna zubewa daga tsini, har a cikin kwana goma ko makamancin haka bakin gaba ɗaya ya sabunta. Baƙin shafen shi ke haɗiye waɗannan tsofaffin fayafayai. Shi ke karɓar sinadarin da haske ya riga ya ƙona, ya gyara shi, ya mayar. Shi ke ɗebo abinci daga koroid, wata shimfiɗa mai cike da hanyoyin jini da ke bayansa, ya miƙa wa masu karɓar haske. Baƙinsa kuma yana shanye hasken da ya tsallake, don kada ya yi ta tartsatsi cikin ido ya ɓata hoto. Dole ne bakin ƙwayar ya manne da mai yi masa duk wannan hidima, mai hidimar kuwa baƙi ne, ba zai yiwu ya tsaya a gaban haske ba.

Kyanwa da kura sun bi wata dabara a daidai wannan wuri. A bayan retinarsu akwai wani abu mai ƙyalli da ke maido da hasken da ya tsallake ya sake ratsa masu karɓar haske karo na biyu. Shi ya sa idonsu ke walƙiya idan fitilar mota ta haska su da dare. Dabbar tekun nan mai hannu takwas kuwa, tata retinar ba a juye take ba sam: masu karɓar haske ne a gaba, wayoyi a baya. Ana yawan kafa hujja da ita a ce idon mutum an gina shi a baibai. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin juyin yana da farashi, amma wanda ya tsaya a nan bai duba yadda aka rage farashin ba.

Na farko, sahun da ke gaba kusan garau suke kamar ruwa. Zaren jijiya a wurare da yawa na jiki yana sanye da wata farar riga mai maiƙo da ke sa saƙo saurin gudu, amma a cikin retina zaren tsirara yake, ba ya sa rigar sai ya fita daga ido, domin farar riga za ta tare haske. Na biyu, akwai wasu dogayen ƙwayoyi da ake kira da sunan Müller, waɗanda suka tokare retina daga fuskar ciki har zuwa wajen masu karɓar haske kamar ginshiƙai. A 2007 masu bincike a Leipzig ta Jamus suka nuna cewa waɗannan ginshiƙai suna jan haske ta cikinsu, su kai shi ƙasa ba tare da ya watse sosai ba.

Na uku kuma shi ne abin da telan nan ya yi amfani da shi. A tsakiyar retina, daidai inda hoton abin da aka ƙura wa ido ke sauka, akwai wani ɗan rami da ake kira fobiya, faɗinsa kusan milimita ɗaya da rabi. A ƙasan ramin an ture sahun gaba da na tsakiya gefe, kamar an yaye labule, babu ko hanyar jini guda da ta bi ta wurin. Haske yana faɗawa kai tsaye kan masu karɓarsa. Wurin da ke da wannan kaifin gani ƙarami ne ƙwarai: farcen babban yatsa, idan aka miƙe hannu, ya kusa rufe shi. Mai karatu na iya gwadawa yanzu, ya tsayar da ido kan kalma ɗaya a wannan layi ya ga ko zai iya karanta ta biyar daga gare ta ba tare da ya motsa ido ba. Ba zai iya ba. Abin da ke sa a ji kamar ana ganin komai tar shi ne ido yana tsalle sau uku ko huɗu a daƙiƙa, yana kai ramin nan kan duk abin da ake so.

Masu karɓar haske iri biyu ne. Akwai rod, siriri mai siffar sanda, akwai kon mai siffar mazurari. Rod ya fi yawa nesa ba kusa ba, wajen miliyan ɗari a ido ɗaya, kon kuwa miliyan biyar ne ko ƙasa kaɗan. Kon na aikin rana ne, kuma iri uku ne, kowanne da tsawon zangon hasken da ya fi ji, daga kwatanta amsarsu ake samun launi. Rod na dare ne, bai san launi ba. A tsakiyar fobiya babu rod ko ɗaya, kon ne zalla a cushe.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwayar idan haske ya same ta ya saɓa wa zato shi ma. A cikin rod akwai sinadari mai suna rodofsin, wanda ya ƙunshi wani furotin riƙe da ɗan guntu da jiki ke samarwa daga bitamin A. Guntun a lanƙwashe yake. Da ƙwayar haske guda ta bige shi sai ya miƙe, miƙewar ta tayar da jerin sinadarai, kowane mataki yana ninka na baya, har ƙofofin da ke jikin ƙwayar su rufe. A cikin duhu waɗannan ƙofofi a buɗe suke, ƙwayar tana ta zubo wani sinadarin saƙo mai suna gulutamet ba tsayawa. Haske yana sa ta rage zubarwa ne. Wato labarin da rod ko kon ke bayarwa idan haske ya zo shi ne yin shiru. George Wald, wanda ya bayyana rawar bitamin A a wannan aiki, yana cikin waɗanda suka karɓi Nobel a 1967.

Sahun tsakiya ne ke fassara shirun. Wasu baifola suna tashi idan gulutamet ya ragu, su ne masu shelar cewa haske ya ƙaru a nan. Wasu suna tashi idan ya ƙaru, su ne masu shelar cewa wuri ya yi duhu. Tun daga mataki na farko ke nan saƙo ya rabu hanya biyu, ta haske da ta inuwa, kuma haka za su tafi a rabe har ƙwaƙwalwa. Baƙin zare a kan farin yadi yana da nasa masu shela, ba a matsayin rashin haske kawai ake ganinsa ba.

A cikin filayen nan biyu kuma akwai masu zirga-zirga a kwance. A fili na waje wasu ƙwayoyi suna miƙa hannu gefe da gefe, suna kwatanta abin da kon ɗaya ya gani da abin da maƙwabtansa suka gani. A fili na ciki ƙwayoyin amakirin, waɗanda iri-irinsu suna da yawa, suna lura da canji da motsi. Sakamakon ya fito fili a 1953, lokacin da Stephen Kuffler ya saurari gangiliyon ɗaya-ɗaya a idon kyanwa. Ya tarar kowacce tana lura da wani ɗan da'ira ne a retina. Ɗigon haske a tsakiyar da'irar yana sa wata ƙwayar ta yi ta harbi, haske a gefen da'irar yana kwantar da ita, idan kuma aka haske wurin duka bai ɗaya, da ƙyar take motsi. Retina ba ta damu da yawan haske ba kamar yadda ta damu da bambanci, wato inda fari ya haɗu da baƙi, inda bakin allura ya rabu da kafarta.

Akwai dalilin wannan tsimi. Masu karɓar haske sun haura miliyan ɗari, amma zaren da ke fita daga ido bai fi miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Dole a tace. Kuma ba a raba zaren daidai wa daida. A fobiya kon guda yana iya samun layinsa na kansa har zuwa gangiliyon, shi ya sa ake bambance ɗigo biyu da ke dab da juna. A gefen retina kuwa ɗaruruwan rod, wani wuri ma fiye, suna zuba saƙonsu a gangiliyon ɗaya.

A ce yanzu an ɗauke wuta a shagon telan. Daƙiƙun farko ba ya ganin komai, domin hasken ƙwan ya riga ya ƙone wani ɓangare na rodofsin ɗinsa, kon kuma ba sa jin haske kaɗan. Cikin 'yan mintoci kon za su ɗan farfaɗo, ya fara ganin ƙofa. Rod suna binsu a hankali yayin da baƙin shafe ke maido musu da sinadari, sai bayan minti ashirin zuwa talatin ganinsa na dare ya cika. A lokacin zai ga keken ɗinki da tarin yadi, amma ba zai bambance shuɗi da kore ba, kuma ko ya shekara yana gwadawa zare ba zai shiga allura ba. Tara saƙon rod da yawa wuri ɗaya shi ya ba shi ikon jin ɗan hasken da ke shigowa ta taga, shi ne kuma ya hana shi sanin takamaiman inda hasken ya faɗa. Idan ya fito waje ya ƙura wa wani dusasshen tauraro ido, tauraron zai ɓace, domin ya sauka a fobiya inda babu rod. Da ya ɗan kauda ido gefe sai ya dawo.

Gangiliyon ne ke mayar da saƙo ya zama bugun lantarki mai iya tafiya nesa. Zarensu yana kwanciya a fuskar retina, yana kewaye fobiya a lanƙwashe don kada ya bi ta kanta, duka su taru a wuri guda ta ɓangaren hanci. Tunda suna ciki ne, ba su da mafita sai su huda retina su fita ta baya. A wurin hudar babu rod babu kon, don haka kowane ido yana da gurbin da ba ya gani. Edme Mariotte na Faransa ne ya bayyana shi a shekarun 1660. Gwajin ba wuya: a yi ɗigo biyu a takarda, tsakaninsu santimita 8, a rufe idon hagu, a kalli ɗigon hagu da idon dama, a riƙa matso da takardar a hankali. Wajen santimita 30 daga fuska ɗigon dama zai ɓace ɓat, kuma ba rami baƙi za a gani a wurin ba, farar takarda za a gani, don ƙwaƙwalwa tana cike gurbin da abin da ke kewaye. Bayan fita daga ido, zaren da suka fito daga rabin retina na wajen hanci suna tsallakawa ɗaya ɓangaren, ta yadda duk abin da ke hagun mutum yana zuwa ƙwaƙwalwar dama, su yada zango a tsakiyar ƙwaƙwalwa, sannan a miƙa saƙon can ƙeya inda ake haɗa hoto.

Amfanin sanin hawa-hawan nan ya fi bayyana a ɗakin likitan ido, domin kowace cuta tana da hawan da take kamawa, kuma alamarta tana tona wurin. Dundumi, inda yaro ke gani da rana amma ya riƙa laluben bango da magariba, sau da yawa ƙarancin bitamin A ne: rod ba su da abin ƙera rodofsin. Irin wannan yana warkewa idan aka ba da bitamin ɗin, kuma hanta da manja da karas da ganye irin zogale suna kare shi. Akwai wani dundumin na gado da rod ɗin kansu ke mutuwa a hankali, shi abinci ba ya maganinsa.

Gilakoma, wadda mutane ke kira hawan jinin ido, tana can ɗaya ƙarshen. Rod da kon suna nan suna karɓar haske, amma gangiliyon da zarensu ne ke mutuwa, galibi daga wurin da suke huda bango su fita. Ganin tsakiya yakan daɗe bai taɓu ba, mutum yana karatu lafiya alhali gefe yana cinyewa, ƙwaƙwalwa kuma tana rufa asirin gurbin kamar yadda take yi wa ɗigon Mariotte. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya sa ta a matsayi na biyu bayan yanar ido wajen makantar da mutane. Bambancinsu mai zafi ne: yanar tana gaban ido, ana cire ta gani ya dawo, zaren da ya mutu kuwa ba ya tsirowa. Abin da magani ke yi shi ne ceton wanda ya rage.

Akwai kuma rauni da ke cikin ginin tun asali. Tsakanin bakin masu karɓar haske da baƙin shafe babu ɗinki, jingina ce kawai. Idan retina ta yage, ruwan cikin ido yana bi ta yagewar ya shiga tsakaninsu ya ɗaga ta, kamar yadda damshi ke ɗaga fenti daga bango. Babu ciwo, don retina ba ta da jijiyar jin zafi. Duk abin da ya taɓa ta, haske take fassara shi, shi ya sa mai wannan matsala ke ganin walƙiya a gefen ido, da baƙaƙen ɗigo masu yawo da suka ƙaru farat ɗaya, sannan wani labule ya fara rufowa daga gefe. Masu karɓar hasken da aka raba da mai ciyar da su suna fara lalacewa, kuma sakamakon aiki ya fi kyau nesa idan an yi shi kafin ɗagawar ta kai fobiya. Wannan magana ce ta kwanaki, ba ta jiran a ga yadda hali zai yi ba. Jules Gonin na Lausanne ne ya nuna a shekarun 1920 cewa toshe yagewar ita ce magani.

Jinin retina ma ta hanya biyu yake zuwa. Koroid yana ciyar da sahun baya, wata jijiyar jini da ta shigo tare da jijiyar gani tana ciyar da sahun gaba da na tsakiya. Ciwon sukari da sikila waɗannan ƙananan hanyoyi na ciki suke lalatawa. Idan kuwa babbar jijiyar ta toshe gaba ɗaya, likita yana ganin wani abu da ke nuna ginin ƙarara: retina ta yi fari fat saboda sahun gaba sun kumbura, amma a tsakiya ga ɗigo ja jawur. Fobiya ce. A wurin babu sahun gaba da za su yi fari, sai jan koroid yana leƙowa ta ƙasan ramin.

Daga 1851, lokacin da Hermann von Helmholtz ya fito da madubin leƙa cikin ido, likita yana ganin fuskar retina ne kawai. Hawa-hawan sai a gawa ake ganinsu. Na'urar OCT, wadda aka fara bayyanawa a 1991, ta canza wannan. Majiyyaci yana ɗora haɓa, ya kalli ɗan haske na 'yan daƙiƙu, na'urar ta auna hasken da kowane hawa ya maido, sai yankakken hoton retina ya fito a allo, layi a kan layi, da ɗan ramin fobiya a tsakiya. A hoton mai ciwon sukari ana iya ganin aljihunan ruwa sun buɗe a sahun tsakiya har ramin ya cike. A na mai gilakoma layin sama, na zaren jijiya, shi ne ya sirance, kuma sau da yawa sirancewar tana bayyana a allo tun mai idon bai lura da ya rasa komai ba.